Sanarwar Taron Unguwa: Yadda Ake Haɗa Ta Ta Isa Baki Na Uku Ba Ta Ɓaci Ba

Idan aka kira taron unguwa aka shimfiɗa tabarmi goma, mutum bakwai suka zo, maganar da shugabanni kan fara yi ita ce mutanen yanzu ba sa son abin da ya shafi jama'a. Wani lokaci haka ne. Amma sau da yawa, da za a bi gida gida a tambaya, amsoshin da za a ji daban ne. Wani zai ce ya ɗauka daren jiya ne. Wani zai ce ya je ƙofar gidan Mai Unguwa bai tarar da kowa ba, ashe ana can makarantar firamare. Wata za ta ce an faɗa a masallaci, maigida kuwa bai kawo labarin gida ba. Wani kuma ya ji an ce a zo da kuɗi, aljihunsa babu, sai ya yi zamansa don gudun kunya. Duk waɗannan mutane ba su ƙi taro ba. Sanarwar ce ta kasa kai su.

Abin da ke sa haɗa sanarwa ya fi yadda ake zato wuya shi ne, ba ta zama a hannun wanda ya rubuta ta. Sakatare ya rubuta, ladan ya karanta bayan sallah, magidanci ya ji ya gaya wa ɗansa, yaro ya shiga gida ya gaya wa mahaifiyarsa, ita kuma ta leƙa ta katanga ta gaya wa maƙwabciya. A kowane baki wani abu yana zubewa. Don haka ma'aunin sanarwa mai kyau ba daɗin kalmominta ba ne a kan takarda. Ma'auninta shi ne ko mutum na uku da ya ji ta zai iya faɗin me za a yi, yaushe, a ina, da me za a zo, kuma wa za a tambaya.

Masu shela na dā sun san wannan. Sankira ko mai yekuwa ba ya fara magana sai ya tara hankalin mutane da ganga ko kuge, sannan ya faɗi wanda ya aiko shi, ya faɗi saƙon a gajarce, ya maimaita, ya rufe da cewa wanda ya ji ya gaya wa wanda bai ji ba. Yau lasifikar masallaci da wayar hannu sun karɓi yawancin aikin, amma ƙa'idar tana nan.

Bari mu ɗauki misali guda mu bi shi har ƙarshe. A ce wata unguwa ce a cikin Kano mai gidaje kamar 120. Babbar magudanar da ke ratsa ta ta cike da leda da yashi, ga damina ta ƙarato. Kwamitin unguwa yana so a zauna a farkon watan Mayu, kafin ruwa ya zauna, domin a tsayar da ranar aikin gayya da abin da kowane gida zai bayar na hayar motar kwashe shara.

Wa ya kira, kuma don me

Kafin mutum ya tambayi lokaci, abin da zuciyarsa ke fara tambaya shi ne wa ke kirana. Sanarwar da ta fara da "ana sanar da jama'a" ba tare da an san mai sanarwar ba, kowa zai yi mata fassarar da ya ga dama, musamman idan kakar siyasa ta gabato. Sai a buɗe da sunan wanda ke da ikon kira: Mai Unguwa tare da kwamitin unguwa. Sharaɗin kawai shi ne a tabbata ya sani kuma ya amince da ranar. Sakatare ya je da kansa ya ce, "Ranka ya daɗe, ga abin da za mu karanta da sunanka," ya karanta masa daga farko har ƙarshe. Ba ƙaramin abin kunya ba ne a tambayi Mai Unguwa game da taron da aka ce shi ya kira, ya ce yanzu yake ji.

Sannan dalili. "Domin tattauna muhimman batutuwa da suka shafi cigaban unguwa" jimla ce da ba ta taɓa tayar da kowa daga inuwa ba. Mutum yana barin shagonsa ne idan ya ji abin da ya taɓa shi. A ce, "kan yashe babbar magudana kafin ruwa ya sauka," sai wanda ruwa ya shiga ɗakinsa bara a watan Agusta ya riga kowa zuwa. Ya fi kyau kuma a faɗi abin da za a yanke a wurin, wato ranar aiki da kuɗin kowane gida, domin wanda ya san za a yanke hukunci a kan aljihunsa ba ya son a yanke ba ya nan. Batu ɗaya ko biyu sun isa. Idan aka jera biyar, yaron da aka aika zai riƙe na ƙarshe ne kawai.

A nan ne kuma ake faɗin waɗanda ake gayyata. "Dukkan jama'a" kalma ce mai faɗi da ba ta kama kowa. Ɗan haya zai ce maganar masu gida ce, mai gidan kuwa yana wata unguwar bai ji ba. A misalinmu sai a ce mutum ɗaya daga kowane gida, mai gida ko ɗan haya, namiji ko mace, har da masu shaguna, tun da ledar shago ma cikin magudanar take ƙarewa.

Lokaci, inda aka fi yin tuntuɓe

Rana tana bukatar suna biyu: sunanta na mako da kwanan wata. Lahadi, 10 ga Mayu. Idan aka ce Lahadi kawai, wanda saƙon ya isa gare shi a makare ba zai san wace Lahadin ba. Idan aka ce 10 ga wata kawai, mutane da yawa ba da kwanan wata suke lissafin harkokinsu ba. Idan an haɗa biyun, ɗaya yana gyara ɗaya. Amma a duba kalanda da ido kafin a fitar, domin kuskuren da aka fi yi shi ne ranar da kwanan watan su saɓa, rabin jama'a su bi wannan, rabi su bi wancan.

Kwanan watan Musulunci yana da nasa tarko. A Nijeriya farkon wata yana bin sanarwar ganin wata daga fadar Sarkin Musulmi, kalandar da ke rataye a bango kuwa an buga ta ne tun farkon shekara bisa lissafi, don haka sukan iya saɓawa da kwana guda. Idan za a sa shi, a sa shi a matsayin ƙari, kada ya tsaya shi kaɗai, musamman idan taron zai faɗo a cikin watan da bai kama ba tukuna.

Kalmomin "gobe", "jibi" da "gata" ba su da wuri a duk saƙon da za a iya turawa gaba. Saƙon murya da aka ɗauka ranar Juma'a aka ce "jibi", idan wani ya tura shi ranar Asabar, jibinsa ya zama Litinin. Waɗannan kalmomi na lasifika ne kawai, inda ake ji a take, kuma ko a nan ma a haɗa da sunan rana: "gobe Lahadi".

Taron dare kuma yana da wata matsala ta daban. A lissafin da iyayenmu suka saba da shi, dare ne ke gaba da yini, rana tana shiga ne da faɗuwar rana. Shi ya sa daren Juma'a a wurin dattijo shi ne daren da ya biyo bayan yinin Alhamis. Matashi ɗan boko kuwa, idan ya rubuta "daren Lahadi", mai yiwuwa yana nufin daren da ya biyo bayan yinin Lahadi. Sai dattawa su zo yau, samari su zo gobe. Maganinsa a guje wa wannan furuci gaba ɗaya, a ce "ranar Lahadi bayan sallar Isha'i", ko a yi yadda masu sanarwar wa'azi ke yi, "Asabar da dare, wayewar garin Lahadi".

Sai sa'a. "Bayan La'asar" kowa ya gane shi, amma yana da faɗi, domin daga sallame sallah har jan rana duk bayan La'asar ne. Ƙarfe kaɗai kuma yana iya cin karo da jam'i. Hanyar da ta fi aiki ita ce a haɗa su, kuma a yi lissafi na gaskiya. Idan masallatan unguwar suna tayar da La'asar da ƙarfe 4:00, za a idar wajen 4:15, a ba mutane minti goma sha biyar su taka zuwa wurin, sai a sa 4:30. A farkon Mayu rana tana faɗuwa a Kano wajen 6:40, don haka ana iya tashi da ƙarfe 6:00 kowa ya sami damar alwala. Awa ɗaya da rabi ke nan. Da a watan Nuwamba ne, lokacin da Magariba ke yi wajen ƙarfe 6:00, da sai a tashi tun 5:30, taron ya koma awa ɗaya, a rage batutuwa daidai da haka. Faɗin lokacin tashi a cikin sanarwa yana jawo mutane fiye da yadda ake zato, domin mai shayi da mai tuƙa Adaidaita Sahu za su iya lissafin abin da za su rasa.

Kafin a tsayar da rana, a tambayi me kuma ke faruwa a cikinta. Safiyar Asabar da Lahadi ta ɗaurin aure ce. Safiyar Lahadi maƙwabta Kiristoci suna coci. Asabar ta ƙarshen wata a Kano ranar tsaftar muhalli ce da ake taƙaita zirga-zirga da safe. A karkara kuma ranar kasuwa ita ke mulki: wanda ya sa taro ranar Juma'a a ƙauyukan Wudil, ko Lahadi a ƙasar Ɗambatta, ko Alhamis a yankin Maigatari, ya san da wa yake takara. Haka da damina, safiya ta gona ce.

Wuri

Wanda ya haɗa taro ya san wurin, shi ya sa yake ganin kalma biyu sun isa. "A makaranta." Alhali unguwar tana da firamare, da Islamiyya, da makarantar allo, da wata mai zaman kanta. A kira wurin da sunan da mutane ke kiransa da shi, ba wanda ke rubuce a allon ƙofa kaɗai ba, a ƙara da alama guda da ba ta motsi, kamar kusa da famfon burtsatse ko bayan masallacin Juma'a. Idan wurin babba ne, a faɗi ta wace ƙofa za a shiga da kuma ina za a zauna. Makaranta ranar Lahadi a kulle take, saboda haka neman izinin hedimasta da sanar da mai gadi suna zuwa ne kafin a fitar da sanarwa, ba bayanta ba.

Girman wuri ma lissafi ne. Gidaje 120, mutum ɗaya daga kowanne, ko rabinsu suka zo an sami mutum 60, ga masu shaguna da masu rakiya. Aji ɗaya ba zai ɗauke su da walwala ba a zafin Mayu, kujerun yara kuma ba na manya ba ne. Don haka filin makaranta ne, ƙarƙashin inuwar darbejiya, a tanadi aji biyu idan hadari ya taso. A rubuta wannan tanadin a cikin sanarwar, don kada gajimare ya taru mutane su yanke wa kansu hukuncin an fasa.

Zaɓen wuri kuma zaɓen mahalarta ne. Taro a cikin masallaci yana nufin maƙwabcin da ba Musulmi ba ba zai zo ba, mata da yawa ma haka. Zauren wani attajiri ko ɗan siyasa yana nufin waɗanda ba sa ga maciji da shi za su zauna a gida. Idan ana son mata su zo, sai a ce an keɓe musu wurin zama, a faɗi ta wane gefe. Wannan jimla guda ita ce bambanci tsakanin gayyata ta gaske da ta fatar baki.

Abin da za a zo da shi

A nan ƙa'ida ɗaya ce: kada a nemi abin da ba za a yi amfani da shi a wannan zaman ba. Kwamitinmu zai iya jin sha'awar cewa a zo da shebur da manjagara da baro, amma wannan zama na shawara ne. Kayan aiki na sanarwa ta biyu ne, ta ranar gayya, kuma a can ma ya fi kyau a raba: layin farko shebur, na biyu manjagara, na uku buhuna, don kada a wayi gari da shebur arba'in babu baro ko ɗaya.

Abin da zaman shawara ke bukata kaɗan ne. Tabarma ko darduma, tun da ba za a yi hayar kujeru ba, tsofaffi kuma a ce an tanadar musu benci. Sai rasit na gudummawar bara ga wanda ya ajiye, domin Ma'aji zai karanta lissafi, kuma da rasit ne ake kashe gardama. Idan abu yana da amfani amma ba dole ba ne, a faɗa ƙarara cewa rashinsa ba ya hana zuwa.

Maganar kuɗi ita ce mafi laushi. Idan ba a riga an tsayar da adadi ba, kada kalmar kuɗi ta fito a jerin abin da za a zo da shi, ma a ce, "ba za a karɓi kuɗi a wannan zama ba." Wannan yana sakin zuciyar wanda ba shi da shi a ranar. Idan kuwa an riga an yanke a zaman baya, a faɗi adadin daidai, da wanda zai karɓa, da cewa za a ba da rasit. "A zo da abin da ya sawwaƙa" tana da daɗin ji, amma tana sa mai ƙaramin ƙarfi ya ji tsoron a ga nasa kusa da na mai hali. Lambar asusun banki kuma kada ta shiga saƙon da ake turawa daga waya zuwa waya, domin abu ne mai sauƙi wani ya goge ta ya sa tasa ya tura gaba da sunan kwamiti.

Wanda za a tuntuɓa

"A tuntuɓi kwamiti" daidai yake da ba a sa kowa ba. A sa mutum biyu, namiji da mace, domin matar aure ba lalle ta kira namijin da ba ta sani ba. A kira su da sunan da unguwa ta san su da shi, ko da laƙabi ne ko sunan sana'a. A nemi yardarsu kafin a liƙa lambarsu a bango, a kuma zaɓi masu ɗaukar waya, ba mafi girman muƙami ba. Kada a sa lambar Mai Unguwa ko Liman, don kada a mayar da su masu amsa tambayar ƙarfe nawa ne.

Lambar waya a Nijeriya alƙaluma 11 ce, a Nijar kuwa 8. Bayan an rubuta, a ƙirga, sannan wani ya kira ta daga kan takardar a ji ta shiga wayar da ake nufi. Babu mai riƙe alƙaluma 11 daga lasifika, don haka a sanarwar baki a faɗi inda ake samun mutumin, kamar shagonsa na bakin titi daga hantsi zuwa Azahar. Su ma waɗannan biyun a ba su amsoshin tambayoyin da za su zo: zan iya aiko da ɗana, me zai faru idan ban zo ba, ina zan kai uzuri.

Ga yadda za ta fito

Idan aka tattara duk wannan, sanarwar bango za ta yi kama da haka:

SANARWA
Mai Unguwa da kwamitin unguwa suna gayyatar mutum ɗaya daga kowane gida da kowane shago, mai gida ko ɗan haya, namiji ko mace, zuwa taro kan yashe babbar magudana kafin ruwa ya sauka. Za a tsayar da ranar aikin gayya da kuɗin kowane gida.
Rana: Lahadi, 10 ga Mayu.
Lokaci: bayan La'asar, ƙarfe 4:30. Za a tashi ƙarfe 6:00.
Wuri: filin makarantar firamare ta kusa da famfon burtsatse, ta ƙofar gabas. Wurin iyaye mata yana gefen ofishin hedimasta. Idan an yi ruwa, za a shiga aji.
A zo da: tabarma, da rasit ɗin bara ga mai shi. Ba za a karɓi kuɗi a wannan zama ba.
Tambaya ko uzuri: Malam Wane mai shago, ko Malama Wance ta Islamiyyar matan aure, ga lambobinsu.
Allah ya ba da ikon halarta.

A rubuta da manyan baƙaƙe yadda za a karanta daga taku uku, a liƙa inda mutane ke tsayawa ba inda suke wucewa ba: wurin ɗiban ruwa, injin niƙa, teburin mai shayi, ƙofar masallaci. Idan akwai dattawan da Ajami suka fi karantawa, a yi musu kwafi guda da shi.

Ta lasifika kuwa dole ta rage. A kai wa Liman takardar da ladabi, "Allah ya gafarta Malam, ga sanarwa idan an idar," amma a ja layi ƙarƙashin abin da za a karanta: wanda ya kira, dalili, rana, lokaci, wuri. A maimaita rana da wuri a ƙarshe, domin farkon sanarwa yakan tafi a cikin hayaniyar neman takalma. Kada a kai sanarwa doguwa a bar wa ladan ya taƙaita, domin ba lalle abin da zai zubar ya zama abin da kai za ka zubar ba.

Ga tes ɗin waya akwai wani abu da mutane kaɗan suka lura da shi. Saƙo guda yana ɗaukar haruffa 160, amma da zarar an sa baƙi mai lanƙwasa irin su ƙ, ɗ ko ɓ, ko alamar naira, sai waya ta koma wani tsarin da saƙo guda ke ɗaukar 70 kawai. Abin da zai tafi a saƙo ɗaya sai ya zama uku, kuɗin kati ya ninka, wasu ƙananan wayoyi kuma su nuna akwatuna a maimakon baƙaƙen. Ana iya zaɓar kalmomin da ba su da lanƙwasa: "Taron unguwa kan yashe magudana: Lahadi 10 ga Mayu, 4:30 bayan La'asar, filin firamare. Mutum 1 daga kowane gida. A zo da tabarma da rasit." Har da lambar waya a ƙarshe, wannan bai wuce saƙo guda ba. A WhatsApp babu wannan iyaka, amma a haɗa rubutu da saƙon murya da bai kai minti ɗaya ba, saboda wanda ba ya karatu da makaho su ji, kurma kuma ya karanta.

Yaushe za a fitar, kuma ta bakin wa

Mako guda kafin taro ya dace da takardar bango da sanarwar farko. Idan ya fi haka nisa a manta, idan ya gaza kwana uku mutane sun riga sun ɗauki wasu alkawura. A maimaita ranar Juma'a, sannan a tuna wa jama'a da Azahar ɗin ranar taron. Lasifikar masallaci maza take kaiwa, don haka hanyar mata daban ce, kuma sai an bi ta da gangan: malamar Islamiyyar matan aure, uwar adashe, ungozoma. Maƙwabtan da ba Musulmi ba a aika musu mutum, ko a kai takarda ga shugaban cocinsu. Masu gidajen haya da ke zaune a wata unguwa a kira su a waya.

Idan dole ta sa an ɗage taro, gyaran ya bi duk hanyoyin da sanarwar farko ta bi, kalmar "an ɗage" ta zo a farkon jimla, a cire tsofaffin takardu daga bango. Sannan a ranar da aka sa da farko, mutum ɗaya ya je ya tsaya a wurin na rabin awa. Wanda ya taka ya tarar da ƙofa a kulle babu mai yi masa bayani, da wuya ya amsa kira na gaba.

Yadda ake gane inda ta ɓaci

Kafin a fitar, a yi gwaji mai sauƙi. A karanta wa wani yaro ɗan shekara goma sau ɗaya, a aike shi ya gaya wa wani babba da bai san zancen ba, sannan a tambayi babban me ya ji. Duk abin da ya ɓace a hanya, ko dai a sauƙaƙa shi ko a matso da shi gaba.

Bayan an fitar kuma, wayar Malam Wane ce za ta ba da labari. Idan mutum biyar suka kira suna tambayar wace makaranta, wurin ne bai fito ba, kuma akwai wasu ashirin da ba su kira ba, don haka a gyara a sanarwar Juma'a. Ranar taron, a dubi waɗanda suka zo. Idan duk 'yan layi ɗaya ne, masallaci ɗaya ne ya karanta. Idan babu mata, hanyarsu ba a bi ba. Idan babu 'yan haya, gayyatar ba ta ambace su yadda za su ji da su ake ba. Idan kuwa mutane suka riƙa shigowa ɗaya ɗaya har ƙarfe 5:30, to sun saba ne da cewa 4:30 ɗin kwamiti ba 4:30 ba ce. Wannan ba a gyara shi da rubutu. Sai Mai Unguwa ya sa a buɗe da addu'a a kan lokaci ko da mutum goma ne a zaune, a kuma tashi ƙarfe 6:00 kamar yadda aka yi alkawari. Kafin a watse, Sakatare ya karanta abin da aka yanke, ya faɗi ranar gayya da kayan da kowane layi zai kawo, a aika wa gidajen da ba su sami zuwa ba tun a daren.